Lambar da ke jikin kwalin harsashi ta taɓa yaudarata

Ƙannena masu sha'awar farauta, shekarun baya da na samu lasisin riƙe bindiga ƙirar .243, wani gadu ya addabi gonar rogonmu da ke gefen fadama a ƙasar Yawuri. Na zaɓi harsashin da ya fi kowanne gudu a cikin waɗanda aka nuna mini, domin na ga lambar ƙarfinsa a jikin kwali ta yi daidai da ta babban harsashin da wani dattijon maharbi na ƙauyenmu yake sa wa bindigarsa mai baki biyu.

Wannan lamba ita ce ƙarfin da harsashi yake ɗauke da shi a daidai lokacin da ya bar bakin bindiga, kuma ana auna ta da jul. Lissafinta shi ne E = ½mv², wato a ninka gudun da kansa, a ninka da nauyin a kilogiram, sannan a raba biyu. Saboda haka idan aka ruɓanya nauyi, ƙarfin yakan ninka sau biyu, amma idan gudu aka ruɓanya, sau huɗu yake ninkawa. Harsashina giram 3.6 ne kacal, yana fita da gudun kimanin mita 1,170 a daƙiƙa, abin da ya ba da jul 2,460 ko kusa da haka. Na dattijon kuwa dunƙulen dalma ne guda mai giram 28, wanda yake tafiyar mita 420 a daƙiƙa, shi ma lissafinsa ya tsaya wajen jul 2,470.

Da asubahin wata Laraba na samu gadun a tazarar mita sittin, na auna kafaɗarsa na harba. Ya faɗi, ya tashi, ya shige sunƙuru da wutsiya a miƙe. A wurin na tarar da gashi da ɗan tsoka, da jini ja wanda ya yi yawa da farko, sannan ya riƙa raguwa har ya ɗauke kafin mu yi tafiyar mita ɗari biyu. Dattijon ya tsuguna ya murza jinin da yatsa, ya ce: "Malam, wannan jinin nama ne. Da ka taɓa huhu, da ka ga kumfa a cikinsa." Sai washegari da yamma karnuka suka gano shi a rami, dattijon ne kuma ya ƙarasa shi. Raunin da na yi masa ya kai faɗin tafin hannu, amma zurfinsa bai wuce tsawon yatsa ba, kuma har yau ina jin kunyar wahalar da na ba dabbar nan.

Abin da lambar ba ta faɗa shi ne inda ƙarfin zai ƙare. Ƙaramin harsashin nan mai siririyar rigar tagulla an yi shi ne don ƙananan dabbobi; da ya ci karo da kaurin fata da ƙashin kafaɗa a irin wannan gudu, sai ya tarwatse, ya zubar da ƙarfinsa duka a waje. Akwai wani ma'auni na biyu, nauyi sau gudu kawai, wanda yake nuna yadda abu yake dagewa a kan hanyarsa idan ya haɗu da turjiya. A nan nawa bai wuce 4.2 ba, na dattijon kuwa ya kusa 12. Shi ya sa dunƙulensa ya karya ƙashi, ya keta huhu, ya fita ta ɗaya gefen. Ramin fita kuwa shi ne yake ba maharbi jinin da zai bi sawu.

Daga nan sai na yi kuskure na biyu, na ɗauka nauyi shi ne komai. Na harbi gada da dunƙulen dalma a bindiga mai baki biyu daga mita ɗari, ƙura ta tashi a ƙarƙashin cikinta, ta yi tsalle ta tafi abinta. Dunƙulen yana da faɗin goshi, iska tana cin gudunsa da sauri, ta yadda kafin ya kai mita ɗari ya rasa rabin ƙarfinsa ko fiye, kuma idan an daidaita bindigar a mita hamsin, yakan sauka ƙasa da wurin da aka auna da kusan taƙi guda. Lambar kwali ta bakin bindiga ce, dabba kuwa ba a bakin bindiga take tsayawa ba.

Kafin ku sayi harsashi, ku tambayi nauyinsa da irin dabbar da aka ƙera shi dominta, sannan ku gwada shi a kan alama a tazarar da kuke harbi. Ni a ƙarshe bindigata ban canza ba. Na koma wa harsashi mai giram 6.5, wanda yake gudun mita 900, ƙarfinsa wajen jul 2,600. Bambancin lambar kaɗan ne, amma shi wannan goshinsa ne kawai yake bajewa, jikinsa ya ci gaba da nutsawa. Gadu na gaba da ya shigo rogon bai yi taku talatin ba, kuma jinin da ya bari a kan ganye mai kumfa ne.