Gane masu dawowa sayayya daga tarihin oda

Mu da ke sayar da man kaɗe da sabulun salo ta waya daga Aboabo a Kumasi, abin da ya fi ɓata mana lissafin masu dawowa shi ne lambar waya. Suna ba abin dogaro ba ne, Hajiya Amina ta yau gobe Maman Fati za ta rubuto. Lamba ce shaida, amma sai an gyara ta.

A Google Sheets muna da ginshiƙi biyar: A rana, B suna, C lamba, D kuɗi da sidi, E halin oda. Lambar Gana ɗaya tana shigowa da fuska uku: mai farawa da 024, mai +23324, da wadda teburin ya cinye mata sifilin farko. Mutum ɗaya ya zama uku ke nan. Maganinsa a share duk abin da ba alƙalami ba, a riƙe tara na ƙarshe. A F2 a rubuta wannan, a ja shi har ƙasa:

```
=RIGHT(REGEXREPLACE(C2&"","\D",""),9)
```

Lambar da aka yi ciniki da ita za a sa a C, ba wadda kuɗi ya fito daga ita ba. Da yawa wajen mai Momo na bakin titi suke turowa, ko ta wayar miji. In aka bi lambar biya, ejan ɗaya zai fito kamar ya saya sau goma.

Daga nan a fitar da kowace lamba sau ɗaya a H2, a I2 kuma a ƙirga ranakun da ta saya, a ja na I2 har ƙasa:

```
=UNIQUE(F2:F)
=COUNTUNIQUEIFS(A:A,F:F,H2,E:E,"an kai")
```

Ranaku muke ƙirgawa, ba layuka ba, domin wadda ta sayi kaya uku rana ɗaya layi uku gare ta, alhali zuwa ɗaya ta yi. Sharaɗin "an kai" kuwa yana fidda odar da aka fasa. A tabbata rana kawai ke cikin A, ba tare da awa ba, in ba haka ba odar safe da ta yamma za su zama biyu.

A ce tebur na da layi 310 da lamba 180. Bayan gyara suka koma 150, kuma 45 na da kwana biyu ko fiye. Masu dawowa kashi 30 cikin ɗari ke nan.

Sai dai wannan adadi yana tauye gaskiya. In kwalbar mai na kai wata biyu, wadda ta fara saya makon jiya ba ta isa dawowa ba. Gara a ware waɗanda suka fara daga Janairu zuwa Maris, a ba kowa kwana 90 daga sayensa na farko, kada a rufe lissafi kafin ƙarshen Yuni. In su 60 ne, 24 suka dawo, kashi 40 za a rubuta.