Layin da ka jefa a durowa, wata rana wani zai hau WhatsApp ɗinka da shi

Ƙannena na Zango, musamman ku masu shirin tafiya neman kuɗi waje, lambar wayar da kuke ji da ita ɗin nan aro ce kamfani ya ba ku. In layi ya daɗe ba kira, ba kati, ba data, kamfani zai rufe shi, bayan wani lokaci ya sake buga lambar a sabon sim ya sayar wa wani, kowane kamfani da nasa wa'adin. Haka layukan da ba a haɗa su da Ghana Card ba, aikin da aka fara a Oktoban 2021 aka rufe ƙarshen Mayun 2023, su ma an toshe su. Shi kuwa WhatsApp ba ruwansa da sunanka ko fuskarka, lamba ya sani, duk wanda saƙon nan mai lambobi 6 ya shigo wayarsa to shi ne mai asusu.

Ni ga yadda na faɗa ciki. Na bar unguwarmu Aboabo a Kumasi na tafi Yamai wurin kawuna, ina sauka na sayi layin can, na cire na Gana na cusa a bayan kwalin waya. WhatsApp ya ci gaba da aiki lafiya lau da lambata ta Gana mai 024, don shi data kawai yake buƙata, ko ta wane layi ta zo. To nan ne tarkon yake. Kullum ina hira, ina sa sitatus, ina ganin ai lambata tana raye, alhali a wurin kamfani layin ya mutu tuntuni tunda hirar WhatsApp ba ta bi ta kansa. Wata safiya na buɗe waya sai na ga an fitar da ni, wai lambar ba ta da rajista a wannan wayar kuma, in sake tantancewa. Na danna a turo min lambobin, ina ta jira kamar wawa, saƙon kuwa yana can yana shiga wayar wata baiwar Allah a Kumasi.

Akwai wata ƙa'ida da WhatsApp suka yi domin irin wannan. In asusu ya yi kwana 45 ba a taɓa shi ba, sannan aka zo aka kunna lambar a wata sabuwar waya, suna ɗauka an sake sayar da lambar ne, sai su share tsohon bayani kamar hoto da abin da ka rubuta a About. In ma ya kai kwana 120 ba a hau ba, galibi goge asusun suke yi gaba ɗaya. Ƙa'ida mai kyau, amma wanda ya daina hawa take karewa. Ni da nake hawa har daren da abin zai faru, asusuna bai yi ko kwana ɗaya a kwance ba, saboda haka a idon manhajar ni ne kawai na canja waya. Yarinyar tana shiga ta tarar da hotona a sama, ta tarar da kanta cikin gurup na danginmu, da na 'yan makarantar allonmu, da na susun da muke zubawa.

Tsoffin hirarraki dai ba ta gan su ba, kuma kar wani ya tsorata ku da wannan. Su a wayarka suke zaune, da kuma ajiyar Google Drive ko iCloud da ke ɗaure da imel ɗinka, ba sa bin lamba. Abin da ke zuwa mata shi ne duk wani sabon saƙo daga lokacin da ta shiga, kuma wallahi wannan ma ya isa. Gwaggona ba ta karatu, murya take turawa, ta turo doguwar magana a kan rikicin auren wata ƙanwarmu, ta ga alama biyu ta fito, ta zauna tana jin haushi wai na ji na yi banza da ita. Wani abokina da ke Alabar ya tura hoton Ghana Card ɗinsa gaba da baya don in cike masa wata takarda. Wani kuma ya tashi biyan bashin sidi 300 ta momo, sunan da ya fito kafin ya sa lambar sirri ba nawa ba ne, sunan mace ne ma, amma bai tsaya karantawa ba ya danna. Allah ya taimake mu yarinyar mai amana ce, ta rubuta da Turanci da Tuwi a gurup ɗin dangi cewa ita ba ta san kowa a nan ba, kuɗin ma ta mayar. Da wani ɗan iska ne, shiru zai yi ya bar hotona, ya karanta yadda muke magana kwana biyu, sannan ya bi mutane ɗaya ɗaya wai na shiga matsala a Nijar a turo agaji.

Abin da ya fi cin raina, maganin a hannuna yake duk tsawon lokacin. Ka shiga Settings, ka shiga Account, ka danna Change number, ka rubuta tsohuwar lamba da sabuwa. Lambobin tantancewa sabon layin ake turo wa, ba a neman tsohon sim ko kaɗan, sharaɗin kawai shi ne asusun yana nan a buɗe a wayarka. Gurup ɗinka da hotonka da hirarrakin da ke wayar duk za su bi ka, 'yan gurup za su ga ka canja lamba, kuma za ka iya zaɓar a sanar da mutanenka. Amma da zarar an fitar da kai wannan ƙofa ta rufe. Kar ma ka wahalar da kanka zuwa ofishin kamfanin layin a Adum kana cewa lambarka ce tun kana saurayi, yanzu da katin wani take da rajista, tasa ce.

Wasu za su ce ai sun sa Two-step verification, wato lambar sirrin da WhatsApp ke nema kafin a sake rajistar lambar. Ku sa, yana da amfani, amma ga mai riƙe da sim a hannu jinkiri ne kawai, in ya jira kwana 7 zai iya wucewa ba tare da lambar sirrinka ba. Abin da ya fi taimakon waɗanda ke gida shi ne Security notifications, shi ma a Account yake. In ka kunna, duk sanda wani ya sake rajista za ka ga ɗan rubutu a cikin hirarku cewa lambar tsaronsa ta canja. Sau da yawa sabuwar waya ce kawai mutum ya yi, amma in ɗan uwanka yana waje da lambar Gana kuma ka ga wannan, to ka kira shi ka ji muryarsa kafin ka tura komai.

Sai ku admin, ku riƙa sharar gurup. Har lambar marigayi muna bari a ciki don ba ma son ganin an cire shi, rannan sai ka ga hoton wani baƙo a ƙarƙashin sunan Alhaji, yana karanta sanarwar sadakar bakwai ta dangi. A cire lambar, kowa kuma ya goge ta a wayarsa, don muddin tana ajiye da wancan sunan, da shi za ta riƙa fitowa. In kuma kai ne ka sayi sabon sim a Kejetia ka tsinci kanka a gurup ɗin da ba ka sani ba, ka gaya musu lambar ta canja hannu, sannan ka shiga Account ka danna Delete account, zai fitar da kai daga dukkansu a lokaci ɗaya, sai ka sake rajista da sunanka.