Ƙaramin zane, katon bango: yadda muke raba aikin fenti

Sana'ata rubutun allon talla ne da zanen bango, ina da ɗan shago da yara biyu. Sai dai idan Sallah ta matso, matasan unguwa kan zo su ce a zana musu mahayin doki na hawan Sallah a bangon dandali, su sayi fenti, su kawo hannu. Yawancinsu ba su taɓa riƙe buroshi ba, amma aikin yana fita, muddin an buga gidaje daidai.

Nakan yi zanen a takarda, faɗinsa santimita 24, tsayinsa 12, in ja layuka kowane santimita 2. Gida 12 ke nan a kwance, 6 a tsaye, kamar na dara. Idan bangon mita 6 ne da mita 3, kowane gida zai zama santimita 50 a can. Na kwance a ba su lamba, na tsaye haruffa, a takarda da bango duka, domin wanda aka ce wa "C7" ya san inda kan doki yake. Layukan bango da zare muke buga su: a shafe shi da bula, mutum biyu su ja shi ya yi tauri, na uku ya ɗago tsakiya ya sake. Kafin a ci gaba, a auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu. In awon bai zo ɗaya ba, gidajen sun karkace, dokin ma a karkace zai fito. Kada a yarda kowa ya ja layi da maka, tawadarta tana ɓullowa ta cikin fenti. Alli ya wadatar.

Fitar da siffa aikin mutum biyu ne ko uku masu natsuwa. Ba doki nake cewa su zana ba. Su duba inda layi ya ratsa gefen gida, a tsakiya ne ko kusa da kusurwa, su ɗiga alama, sannan su haɗa. Mai ƙirga gida ya tsallake ɗaya shi ke jawo ƙafa ta fi 'yar'uwarta tsawo, shi ya sa nake ja da baya kamar taku goma in duba kafin a buɗe bokiti.

Wurin fenti kuwa ba na raba mutane gida-gida, ko da sun nema. In aka yi haka, hannun kowa daban, sai bango ya fito faci-faci. Da launi nake rabawa: wannan shuɗin sama, wancan jan alkyabba. A dama kowane launi sau ɗaya, wanda zai isa har ƙarshe, don fentin ruwa yana sauya kama in ya bushe, ba a iya kwaikwayonsa daga baya. A fara daga sama saboda ɗiga, masu haske kafin masu duhu. Baƙin layin da ke zagaye siffa ni kaɗai ke jansa.

In a takarda za a yi, don bayan dandamali, a liƙe gaɓoɓin ta baya, a rage ruwa a fenti, a shafa siriri sau biyu, in ba haka ba takardar ta jiƙe ta yamutse.