Alhamis: Na Biya Kuɗin Orijina, An Sa Mini Insel

Tun kafin kiran sallar farko na farka, babu wuta, ɗaki baƙi ƙirin. Na laluba wayata don in duba lokaci, sai na ga abin da ya hana ni komawa barci. Agogon nan da ke tsayawa a fuskar waya idan ta yi barci, a da lambobin kaɗai ke haske, sauran fuskar duk a mace. Yau gaba ɗaya fuskar ce ke fitar da wani haske mai ruwan toka, har ina ganin zanen matashin kaina. Na ɗauko ta Abban yara na jera su a kan katifa. Tasa Samsung A50 ce, tawa A51, kusan 'yan ɗaki ɗaya ne. Tasa baƙinta baƙi ne sosai, tawa kamar an kunna aci-bal-bal a bayan labule.

Ranar Litinin aka canza mini sikirin ɗin. Wayar ta faɗi ne a bakin get, gilashin ya tsage, wani baƙin tabo kamar tawada ya fara cin gefe ɗaya. Mai shagon da na kai wa ya ce kala uku gare shi: insel naira 19,000, kwafin oled 38,000, orijina ta kamfani a kwalinta da firam ɗinta 65,000. Ban yi dogon ciniki ba na tura masa 65,000, saboda sana'ata a wayar nan take. Atamfa da leshi nake sarowa a Kwari in ɗauki hoto in tura wa mata. Idan ban ga kalar kaya daidai ba, rigima ce da kwastoma. Shekaranjiya ma wata atamfa ruwan goro na gan ta kamar ruwan ƙasa, na ɗora laifin a kan hasken ɗaki. Sannan tun ranar da na karɓo wayar ta ƙi karɓar yatsana, sai dai in sa lambobi. Na kira mai shagon, ya ce «Hajiya ki ba ta kwana biyu, za ta saba.» Ni kuma da yake ban san dawan garin ba na yarda, sai ka ce amarya ce aka kawo.

Bayan yara sun tafi makaranta na kira Autanmu, shi ne ya taɓa zama a shagon gyara kafin ya samu makaranta. Ko shayi bai tsaya sha ba ya karɓi wayar, ya shiga wajen buga lamba ya danna wannan:

```
*#0*#
```

Sai wani shafi ya buɗe mai 'yan akwatuna, RED, GREEN, BLUE, TOUCH da sauransu. Ya ce na gwajin wayoyin Samsung ne. Ya ja labule, ya danna BLACK a tawa da ta Abban yara, wadda ya mance a caji. Tasa ta zama kamar an kashe ta. Tawa tana ta haske, gefen ƙasa ma ya fi ko'ina.

Ga yadda ya fahimtar da ni. Sikirin ɗin da A51 ke zuwa da shi oled ne, kowane ɗigo a jikinsa shi ke ba da hasken kansa, idan ana son baƙi sai ɗigon ya mutu kawai. Insel kuwa ba ya da hasken kansa, fitila ce shimfiɗe a bayansa tana ci muddin fuskar na kunne, shi ya sa baƙinsa ba ya taɓa zama baƙi, shi ya sa kuma batirina ke ƙarewa kafin la'asar. Maganar yatsa ma daga nan ta taso. Abin da ke karanta yatsa a wayar nan wata 'yar kyamara ce a ƙarƙashin sikirin. Idan ka ɗora yatsa, ɗigogin wurin su haska shi, kyamarar ta leƙo ta cikin sikirin ɗin ta ga zanen. Oled yana barin haske ya ratsa shi kaɗan. Fitilar insel da farantin bayanta sun toshe hanyar gaba ɗaya. Ko shekara na ba ta ba za ta saba ba.

Amma Auta ya ja mini kunne. Ya ce «Yaya, kada ki kafa hujjarki a kan yatsa kaɗai. Ko orijina aka sa, wani lokaci sai an sake saita abin karanta yatsan, kuma gilashin kariya mai kauri ma yana hana shi. Zai kama nan ya zille miki.» Sai ya juya wayar ya nuna mini kusurwar ƙasa ta dama. Lotsawar da firam ɗin ya yi ranar da ta faɗi tana nan daram. Wanda ya ce ya sa mini sikirin da sabon firam, ina lotsawa ta samo hanyar dawowa? Ya kuma sa na shafa gefen da farce. Gilashin ya ɗan ɗago sama da firam, ga wani siririn busasshen gam a jiki. Wato manna shi aka yi a tsohon firam ɗina. Nan na tuna ranar Litinin na hango wayar a kan teburinsu an ɗaɗɗaure ta da robar ɗaure kuɗi, ban kawo komai a raina ba.

Abin da ya sanyaya mini jiki rasit ne. Na ɗauko shi, abin da aka rubuta kawai canjin sikirin, 65,000. Babu orijina, babu kala, babu kwanakin garanti. Allah ya taimake ni, ranar da zan tura kuɗin na yi masa tambaya ta WhatsApp, ya ba ni amsa da murya. Na sake saurare. Ga shi nan tiryan-tiryan: orijina ce ta kamfani, da firam ɗinta, yatsa zai yi aiki.

Wajen sha ɗaya muka hau adaidaita. Auta ya ce mu fara biyawa ta titin Beirut, inda ake harkar waya, wajen wani abokinsa, don kada a ce mu muka yanke hukunci da kanmu. Abokin bai ko buɗe ta ba. Ya karkata ta gefe ya ga kalar ta dushe, ya nuna kaurin baƙin layin da ke ƙasan fuskar, ya ce insel ce, ko rantsuwa zai yi.

A shagon da aka canza mini sikirin mun tarar da yaran su biyu, maigidan ya fita. Na yi sallama na zauna a benci. Na yi wa kaina alkawari ba zan ɗaga murya ba, don na san ana fara hayaniya magana za ta tashi daga kan sikirin ta koma kan «matar nan ba ta da kunya». Mun fi minti arba'in kafin ya dawo.

«Hajiya barka da zuwa, ya wayar?»

«Wayar ce ta kawo ni, Malam. Abin da na biya ba shi aka sa mini ba.»

Kamar yadda Auta ya faɗa, kan yatsa ya fara sauka. Ya ce matsalar saiti ce, a ba shi minti goma. Na ce to. Ya ɓare gilashin kariya, ya goge yatsun da ke ajiye, ya ce in sa sabo. Wayar ta ƙi. Ya ce wataƙila lallen hannuna ne. Na ce ya sa nasa. Ta ƙi. Lallen nan dai shekara nawa ina yin sa wayar tana buɗewa.

Sai Auta ya buɗe shafin gwajin, ya danna BLACK, ya kifa tafin hannunsa ya yi inuwa, ya ce ya leƙa. Ya leƙa, bai ce komai ba. Na nuna masa lotsawar, na ce «Malam, wannan tabon na san shi, a bakin get ɗina aka yi shi.» Wani dattijo da ke jiran a gyara masa wajen caji ya yi dariya har da tari. Daga nan na kunna muryarsa, ban ƙure sauti ba, iya mu da ke wurin.

Nan magana ta sauya. Ya juya kan babban yaron ya hau shi da faɗa, wai shi ya aika ya karɓo kaya, ashe abin da ya ɗauko ke nan. Yaron ya sunkuyar da kai yana wasa da sukundireba. Ban san gaskiyarsu ba, kuma ban ga alamar mamaki a fuskar maigidan ba. Mai gyaran da ya san aikinsa, daga riƙe sikirin ya san ko mene ne, ballantana wanda aka ce da firam ya zo babu firam. Auta ya ce a kawo kwalin da aka ciro shi, na kamfani yana da lamba a jiki mai farawa da GH82. Aka ce an zubar. Na ce a ba ni tsohon sikirin ɗina. Shi ma wai an zubar.

Ya ce zai mayar mini da 20,000 in yi haƙuri. Na lissafa masa da bakinsa: 65,000 a cire 19,000, saura 46,000. Ya ce to a sa mini kwafin oled ya cika mini 27,000, yatsa zai yi. Auta ya ce wani kwafin yana yi, wani sai an yi ta dannawa, kuma haskensa a rana bai kai na asali ba. Na ce ni ba ragi na zo nema ba, abin da na saya nake so. Ya fara cewa ai kaya sun tashi tun Litinin. Na miƙe na gyara mayafi, na tambayi dattijon nan ina ofishin shugabannin kasuwa yake, na ce idan can ma ba a gama ba akwai hukumar kare haƙƙin masu saye. Dattijon ya ce «Haba ɗan nan, ka sallami baiwar Allah mana, a kan wannan za a kai sunanka ofis?»

Ya ce in zauna. Ya yi waya biyu, ya ce orijinar ba ta ƙasa, sai Asabar. Na ce na yarda da sharaɗi: a rubuta. Ya ɗauko sabon rasit, ni na riƙa faɗa yana rubutawa. Orijina ta kamfani da firam, ta SM-A515F, za a buɗe kwalin a gabana, a gwada baƙi da yatsa kafin in bar shagon, idan Asabar ta wuce babu kaya zai dawo mini da 46,000. Ya sa hannu, dattijon ya zama shaida, na ɗauki hoton takardar na tura wa Abban yara. Ya so in bar wayar a wurinsa, na ce a'a, ina da kwastomomi.

Na dawo gida bayan la'asar da ciwon kai, kuɗin adaidaita ya ci nasa, abincin rana kuma sai taliya na dafa wa yara a gurguje. Wata kwastoma ta turo tana tambaya ko leshin nan shuɗi ne ko ruwan bula. Na duba hoton a wayata na kasa rantsewa, sai da na buɗe leda na fito da shi tsakar gida na duba da idona. Auta ya ce zai raka ni ranar Asabar, ƙarfe goma. Batir saura 11, wuta ba ta dawo ba, bari in kashe agogon nan na fuska kafin ya ƙarasa shanye shi.