Ruwan zinare a kan fari: katin da tsofaffi ba sa iya karantawa

Ƙannena masu haɗa katin biki da sanarwar walima a waya ko kwamfuta, akwai kuskuren da yawancinmu muka fara sana'ar nan da shi: auna launi da idonmu. Idon ɗan shekara ashirin, a ɗaki mai inuwa, da allo mai kyau, kusan komai yana karantuwa gare shi. Amma katin zai isa hannun dattijon da yanar ido ta fara rufe masa gani, kuma wataƙila a ƙofar masallaci zai buɗe shi, rana na dukan gilashin wayarsa.

Abin da ke sa rubutu ya fito shi ne tazarar haske tsakaninsa da bangon da ke bayansa. Launuka biyu za su iya bambanta ƙwarai amma haskensu ya yi kusa, sai harafi ya nitse. Wannan tazara tana da ma'auni. Ƙa'idojin WCAG 2.0 na sauƙaƙa wa kowa amfani da shafukan intanet, da ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta fitar a 2008, suna lissafa ta haka:

```
(L1 + 0.05) / (L2 + 0.05)
```

L1 hasken launin da ya fi haske ne, L2 na wanda ya fi duhu, kowanne tsakanin 0 na baƙi da 1 na fari. Baƙi a kan fari yana ba da 21:1, iyakar ke nan. Ƙaramin rubutu ana so ya kai 4.5:1 aƙalla. Manyan haruffa, daga 18pt zuwa sama, ko 14pt idan masu kauri ne, 3:1 ta wadatar. An tsayar da 4.5 ne domin mai ganin 20/40, wato wanda sai ya matso ƙafa 20 yake ganin abin da lafiyayyen ido ke hangowa daga ƙafa 40. In kun san masu karatunku akasari tsofaffi ne, ku nemi 7:1.

To mu ɗauki katin ɗaurin aure, inda amarya ta ce ruwan zinare take so a kan fari. Zinaren da aka saba sakawa shi ne #D4AF37. Haskensa kusan 0.45 ne, saboda haka a kan fari lissafin ya zama 1.05 a raba da 0.50, abin da ya fito kuwa 2.1:1 ne kacal. Ko babban kanu bai isa a rubuta da shi ba, balle adireshi da lambar waya. A nan ne lamba 3 ke komawa kamar 8 a idon mai karatu, kuma lanƙwasar ƙ da ɗ, da yake siririya ce, ita ce farkon ɓacewa.

Dabarar da ke fara zuwa wa mutum ita ce ya duhunta zinaren. In aka kai shi #8A6D1B zai ba da wajen 4.9:1, ya tsallake, sai dai ya tashi daga zinare ya koma ruwan ƙasa, kuma mai katin ba za ta karɓa ba. Abin da ya fi shi ne a bar zinaren yadda yake a sauya bango. A kan kore mai duhu, #0B3D2E, yana kaiwa kusan 5.8:1, a kan baƙi kuma kusan 10:1, kuma a nan ne ma yake sheƙi da gaske. Idan dole bango ya zauna fari, a bar zinare a kan kwalliyar gefe, a rubuta suna da rana da wuri da launi mai duhu.

Ba sai kun yi lissafin da hannu ba. Ku zuba lambobin launukan biyu a shafin intanet na WebAIM Contrast Checker, nan take zai nuna sakamako. Ku kula da ruwan toka musamman, don shi ya fi yaudara: #999999 a kan fari 2.85:1 ne, #767676 da ƙyar ya haye da 4.54:1, sai #595959 ne ya kai 7:1.

Inda ma'aunin yake gazawa shi ne rubutu a kan hoto, domin bango ba launi ɗaya ba ne. Farin harafi da ya fito sarai a kan hular ango zai ɓace da zarar ya hau farar shaddarsa. Ku auna a wurin da hoton ya fi kusa da launin rubutun, ko ku shimfiɗa allo mai launi ɗaya a ƙarƙashin kalmomin. Inuwa da ake sa wa harafi ba kasafai take ceton siririn rubutu ba, don haka kada a dogara da ita.

Kafin ku miƙa aiki, ku mayar da katin baƙi da fari ku duba. Duk layin da ya dushe, launinsa ne kawai ke riƙe da shi. Daga nan ku tura wa kanku ta WhatsApp, tunda yana matse hoto har gefen haruffa ya ɗan narke, ku rage hasken waya, ku fita tsakar gida da rana ku gwada karanta lambar wayar da ke ƙasan katin.