Mako na uku da gyaran labarina: wa ke magana a nan?

'Yan'uwa masu koyo, wannan makon ko layi ɗaya ban ƙara a gajeren labarina ba. Shafi taran da na riga na rubuta na zauna ina bi da jan biro. Abin da ya jawo haka, na ba ƙanwata ta karanta mini a bayyane, tana zuwa shafi na biyu sai ta tsaya ta ce, "Yaya, nan Inna ce ke magana ko Ladi?" Na karɓa na duba, ni da na rubuta ma sai da na maimaita. Ga yadda wurin yake:

Inna tace ina kika kai kuɗin cefanen "Ladi tace na ba Yaya Sani tana sunkuyar da kai"

Kun ga ɓarnar? Na buɗe alamar zance kafin sunan Ladi, na kuma rufe ta bayan sunkuyar da kai, kamar duk wannan daga bakinta ya fito. Alhali abin da ya fito daga bakin mutum kaɗai ke shiga tsakanin alamomin nan biyu. Da na gyara sai ya koma haka:

Inna ta ce, "Ina kika kai kuɗin cefanen?"

"Na ba Yaya Sani," in ji Ladi, tana sunkuyar da kai.

Kowace ta samu nata sakin layin, don haka ido ma ya san baki ya sauya. Bayan "ta ce" akwai waƙafi, zancen ya fara da babban baƙi, alamar tambaya kuma tana ciki, tunda Inna ce ke tambayar. A layin Ladi waƙafi na sa kafin in rufe, domin jimlar ba ta ƙare ba sai an faɗi mai maganar. (Haka nan "tace" ɗin nan da yatsa ya saba a waya, kalma biyu ce. Sau talatin da ɗaya na raba ta.)

Inda na fi daɗewa shi ne bambance zancen mutum da ba da labarin zancensa. Dabarar da ta fisshe ni ita ce duba wakilin suna. Idan Ladi da kanta ke magana, "na ba" za ta ce, alama ta shigo. Idan ni ke kawo rahoto, zan rubuta: Ladi ta ce ta ba Yaya Sani. Nan babu alama, babu waƙafi. Na tarar da wurare da dama da na haɗa su biyun, irin: ta ce wai "ta ba shi". Duk inda "wai" ko "cewa" suka shigo, na lura kusan kullum rahoto nake yi, sai in cire alamar.

Sai kuma raba zance gida biyu. Ku dubi waɗannan:

"Idan ya dawo," in ji Inna, "ki ce ina neman sa."

"Ai ya tafi gona," in ji Ladi. "Sai magariba zai dawo."

A na farko jimla ɗaya na yanka, shi ya sa waƙafi ya biyo bayan Inna, aka ci gaba da ƙaramin baƙi. A na biyu jimla biyu ce, sai aya da babban baƙi. In na rikice, cire "in ji wance" nake yi in karanta zancen a haɗe, kunne zai faɗa mini ko akwai tsayawa.

Wanda har yanzu bai kwanta mini ba shi ne zance a cikin zance. Ƙa'idar ba wuya, na cikin yana ɗaukar alama guda guda:

"Ce mini ya yi, 'Kawo in ajiye miki,' sai na ba shi."

To amma a rubutuna na farko Sani cewa ya yi 'yar Inna kafin ya nemi kuɗin, sai ga ɗigon 'y da alamar buɗewa sun jeru wuri ɗaya, ba a gane wanne ne wanne. Wayar ma ta juya ɗigon ta mai da shi alamar buɗe zance. Da ina rubuta ƴ mai lanƙwasa kamar yadda ake yi a Nijar, da ban shiga wannan ba, amma ba zan sauya a layi ɗaya in bar sauran shafukan ba. Na dai mayar da kiran ƙarshe: 'Kawo in ajiye miki, 'yar Inna.' Ya fi sauƙin karantawa, ko da yake a bakin Sani na fi jin daɗin sa a farko.

Saura shafi na bakwai, inda Baba ya yi doguwar magana mai sakin layi uku. Na karanta cewa ana buɗe alama a farkon kowane sakin layi, ba a rufewa sai a na ƙarshe. Zan gwada, in sake miƙa wa ƙanwar tawa ranar Asabar.