Waƙoƙin da na haɗa wa Inna na bayan asham

Tun da idanun Inna suka yi rauni ta daina iya duba Alƙur'ani da dare. Da rana tana bin tafsiri a rediyo, amma in an dawo daga sallar asham, an kwashe kwanukan shan ruwa, yara sun watse, sai ta zauna a kan darduma da carbi har barci ya ɗauke ta. Ana saura kwana uku azumin bara ta ce in samo mata waƙoƙin bege da na wa'azi, da sharaɗi guda: "Kada ka kawo mini mai kiɗa, ko mandiri ban so."

Na ɗauka aikin rabin awa ne. Na kai memorin 'yar rediyonta wurin masu tura waƙoƙi, na ce nashidodi marasa kiɗa nake so, aka cika mini shi. A daren farko, waƙa ta biyu ba ta yi nisa ba ta miƙa hannu ta kashe. Ta ce, "To wannan dum-dum ɗin fa?" Na ce mata ai da baki ake yin sa, babu ganga ko ɗaya a ciki. Ta ce ita kunnenta bai san bambancin ba.

Gaskiyarta. Yawancin nashidodin da ake cewa murya ce zalla, a situdiyo ake ɗora muryoyi a kan juna: wani yana gunji a ƙasa kamar garaya, wani yana buga leɓe kamar ganga, a ƙara amsa-kuwwa, sai abin ya fito tamkar kiɗa. Malamai suna da saɓani a kan hukuncin irin wannan, kuma ba ni zan raba gardamar ba. Abin da na gane shi ne, mai neman natsuwa bayan asham, wannan bugun yana hana shi ita ko da wane suna aka kira shi. Daga nan na samo dabarar tantancewa. Ba na yarda da farkon waƙa, domin da yawa sukan buɗe da murya ɗaya tsaf, sai an zo amshi bugun ya shigo. Sai in tsallaka tsakiya, in ɗora rediyon a kan faranti. In farantin yana karkarwa a kan ƙa'ida, ko na tsinci ƙafata tana taka ƙasa, na goge ta. Cikin sama da 60 da aka tura mini, 9 ne suka tsira, su ma Inna ta ce Larabcin yana gudu, ba ta kama komai.

Abin da ya raba ni da wannan wahala a kusa yake. Akwai wani dattijo a unguwarmu da ke jan baƙi a karatun Ishiriniya duk watan Mauludi. Na je na gaishe shi, na ce, "Allah gafarta Malam, alfarma na zo nema," na yi masa bayani. Shi ne ya tuna mini abin da na sani amma ban taɓa haɗa shi da azumi ba. Alfazazi, mutumin Andalus da ya rasu a 1230, ya tsara ƙasidar ne a kan haruffa 29, kowane harafi baiti 20, daga nan ma sunan ya samo asali. Wadda muke rerawa a ƙasar Hausa kuwa mai tahamisin Ibn Muhibu ce, inda kowane baiti ya koma ɗango biyar. Malam ya ce, "Harafi ɗaya kowane dare, ka ga wata ya ƙare ke nan. In ya cika talatin, a maimaita wanda ya fi daɗi."

Da ya rera mini harafin farko na ji inda natsuwar take. Karin mai tsawo ne, numfashi guda ba ya wuce ɗango ɗaya, kuma ɗango na biyar kullum yana dawowa kan amsa-amo iri ɗaya, kamar mutum ya fita zagaye ya komo ƙofar gida. Ga shi Inna ta san karin tun tana yarinya, ko ba ta fassara kowace kalma ba, bakinta yana bi. A saurin da Malam ke yi, harafi guda yana cin minti 12 zuwa 14.

Ɗaukar muryar ta koya mini nata darasin. Ranar farko a zaure muka yi, mai daɓen siminti da bango tsirara, sai muryar ta fito da amsa-kuwwa kamar daga rijiya, ga fanka tana hura iska cikin wayar. Muka koma ɗakinsa mai tabarmi da labule da tarin littattafai, na kashe fanka, na ajiye wayar a kan matashi kimanin kamu biyu daga bakinsa, ɗan gefe kaɗan don kada hucin numfashi ya buge ta. Lokaci ma sai da muka canza. Da la'asar maƙogwaron mai azumi ya bushe, da magariba kuma janaretocin maƙwabta sun tashi. Bayan sahur, kafin kiran assalatu, shi ya fi: gari shiru, Malam ya sha ruwan ɗumi. Harafi uku muke ɗauka a zama ɗaya, in aka wuce haka muryar takan dushe. Tarin da ya yi a tsakiya da kukan zakara duk na bar su, Inna ma ta ce sun sa ta ji kamar yana zaune a tsakar gida.

Sai dai Larabci kaɗai bai ishe ta ba, tana son abin da za ta yi tunani a kansa da Hausa. Na roƙi Malam ya ƙara da baitocin Infiraji na Aliyu Namangi, makahon sha'irin nan na Zariya da ya rasu a 1990, wanda almajirai da makafi suka daɗe suna rerawa ƙofa-ƙofa ba tare da wani kiɗa ba. A nan na yi kuskure mafi girma. Ban saurara ba na jera su yadda suka zo, ashe a ciki akwai baitocin mutuwa da kabari da hisabi. A dare na 11 na leƙa wajen ƙarfe goma sha biyu na tarar da ita zaune tana hawaye, ta tuno Baba, har sahur ba ta runtsa ba. Ba ta ce in cire ba, cewa ta yi wa'azi ai don haka aka yi shi. Amma washegari ta wuni a galabaice, ga ta da hawan jini. Sai na raba su: na tsoratarwa na mayar da su wani memori daban da take sawa da hantsi in ta ga dama, na yabon Manzon Allah (SAW) da neman gafara na bar su na dare.

Tsarin da muka zauna a kansa gajere ne. Harafin Ishiriniya na wannan daren, sai baitocin Hausa na minti 7 ko 8, sai shiru. Shirun nan da gangan na sa shi: rediyonta in ta gama waƙa sai ta zarce ta gaba, don haka na ɗauki minti 20 na ɗaki babu motsi na jera shi a ƙarshen kowane dare. Sunayen ma sai da na sa musu lamba, `01`, `02`, har `29`, na kuma tura su ɗaya bayan ɗaya, domin irin waɗannan rediyoyin da yawa suna bin yadda aka zuba ne, ba yadda aka rubuta suna ba.

A goman ƙarshe ta rage sauraro, tana kwanciya da wuri saboda tahajjud, harufan da suka rage sai bayan salla ta ƙarasa su. Bana tun cikin Sha'aban ta aiko jikarta ta tambaye ni ko Malam zai sake ɗaukar harafin Mimun, wai a na bara babur ya wuce daidai baitin da ta fi so.